Ciyawa ba ta jiran sa hannun darakta

Wallahi abin da ake yi wa ɗaliban ilimin tsirrai a kan takardar izinin shiga gandun daji ya isa haka. Takarda ce mai shafi ɗaya, ba kwangila muke nema ba, ba fili muke so a yanka mana ba, amma sai ta kwana ta wuni a kan tebur har lokacin aikin ya wuce.

Ga abin da tawa ta ƙunsa, don kada wani ya ce ban yi bayani ba. Na rubuta biyu, ɗaya da Turanci zuwa ga daraktan gandun daji na jiha ta hannun jami'in shiyya, ɗaya da Hausa zuwa ga dagaci, kowace da takardar shaida daga shugaban sashenmu. A ta dagaci na ce: "Ranka ya daɗe, muna neman izini mu shiga daji mu uku, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Za mu kewaye gurbi 30 da igiya, kowane mita 20 tsawo mita 20 faɗi, mu ƙirga itatuwan da ke ciki, mu auna kaurin kowane a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, mu rubuta irin ciyawar da ke wurin. Ba za mu sare ko ɗaya ba. Ɗan reshe mai ganye da fure kawai za mu tsinka mu danne a jarida. Turakun da muka kafa za mu cire su a ranar." Duk gurabun a haɗe hekta 1.2 ne. Na roƙi a haɗa mu da mutum ɗaya na gari wanda ya san daji, mu biya shi ladansa, na kuma yi alkawarin kawo kwafin sakamako.

Jami'in shiyya ya karanta ya ce ba shi da ikon sa hannu, sai hedikwata. A hedikwata aka ce darakta ba zai duba ba sai ya ga amincewar dagaci. Dagaci ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana ruwa, sannan ya ce shi ba ya buɗe wa baƙo daji sai da sanin hakimi. Magatakardan hakimi kuma ya ce in kawo takardar ma'aikata tukuna. To wa zai fara? Kowa yana jiran hatimin wani, kuma babu wata takarda a manne a bango da ta ce ga matakin farko, ga kuɗin da za a biya, ga kwanakin da za a jira. Inda babu tsari a rubuce kuwa, nan ne ake ce maka "oga ya yi tafiya", daga baya wani ya biyo ka waje ya yi maka raɗar kuɗin mai.

Dagaci ban ga laifinsa sosai ba. Talakawansa sun sha ganin baƙi da tef da turaku, bayan shekara guda aka ce gonakinsu sun shiga hannun wani. Ga kuma halin tsaro: baƙo a daji riƙe da GPS yana rubuce-rubuce, 'yan sintiri ba za su tsaya tambayarsa sunan jami'arsa ba. Shi ya sa ba na yarda a ce mini in shiga a ɓoye. Izinin dagaci shi ne kariyar raina.

Ma'aikatar ce ba ta da uzuri, domin su sun san kalandar daji. Ɗorawa da kaɗanya da marke da ƙirya suna nan tsaye, ko a Janairu zan auna su. Amma gamba da kyasuwa da harƙiya ba a tantance su da tabbaci sai sun fitar da kai, wato ƙarshen damina. Da iskar hunturu ta taso, ciyawa ta bushe, iri ya zube, shanu su bi ta kai, abin da ya rage gobara ta lashe. Wanda ya shiga a Disamba toka zai tarar da kututture, ya rubuta nau'i kaɗan a gurbin da ke cike da tsirrai wata biyu baya, sakamakonsa ya fito ƙarya ba da nufinsa ba. Jinkirin mako shida a ofis asarar shekara guda ce ga ɗalibi, da sabon kuɗin makaranta a kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ranar da nake zaune a ƙofar ofishin shiyya, motoci shaƙe da buhunan gawayi suna fitowa ta hanyar dajin nan da aka hana ni shiga, ba wanda ya tsayar da su. Ni da zan ƙirga ƙiryar da ta rage ake nema wa sa hannu huɗu, mai mayar da ita gawayi kuwa ɗaga hannu kawai yake yi ya wuce.

Takardata ta fito a tsakiyar Nuwamba, da sharaɗin in kammala cikin kwanakin da na nema tun farko, wato kafin ƙarshen Oktoba. Da na nuna wa akawu, sai ya ce in rubuto sabuwa.