Toka ba ƙazanta ba ce, a daina yi wa Larabci fassarar kalma-kalma

Wallahi abin da ya faru a karatun daren jiya bai bar ni na yi barci ba. Waɗanda muke wurin tare kun ji da kunnenku. Ana karanta hadisin Ummu Zar'in, wanda Nana A'isha ta ba da labarin mata 11 da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na halin mazajensu ba. Aka zo kan mace ta 9, wadda ta ce mijinta "azimur ramadi" ne. Sai mai fassara ya ce, "Mijina tokarsa tana da yawa," ya wuce abinsa. Daga ɓangaren mata aka yi dariya, wata a bayan labule har tana cewa to ita matar me ya hana ta shara.

Matar nan fa yabon mijinta take yi, yabon da Balarabiya ba ta da wanda ya fi shi. Mu kuwa muka tashi da cewa gidan ƙazami take zaune. Kalmomin duk an fassara su daidai, ramad toka ce, azim mai girma ne, amma maganar ta mutu a hanya. Wannan ba riƙon amana ba ne, kuma ba zan daina faɗa ba.

Balarabe ba ya cewa wane mai kyauta ne kai tsaye in yana son maganar ta yi nauyi, sai ya bi da kai ta bayan gida. Toka mai yawa tana nufin ana ƙona itace da yawa. Itace mai yawa yana nufin girki ba ya yankewa. Girkin da ba ya yankewa yana nufin baƙi ba sa yankewa. Wanda baƙi ba sa yankewa a gidansa kuwa, ka san hannunsa a sake yake. Malaman balaga suna kiran wannan kinaya, kuma duk ɗalibin da ya yi balaga ya san wannan misalin. Bahaushe da ya ji toka, tunaninsa shara ne, don haka dole ka ɗora shi a kan tsanin. Me zai hana a ce, "Mijina, tokar murhunsa tsibi ce, wato gidansa ba a sauke tukunya saboda baƙi"? Numfashi ɗaya aka ƙara, lafazin yana nan, ma'ana ta iso.

Bayan an tashi na yi wa mai fassarar magana a gefe. Ya ce, "Malam, ni tsoron ƙari nake yi a maganar da ba tawa ba." Na yarda da niyyarsa, ban yarda da hujjarsa ba. Wanda ya bar mutane suka fahimci zagi a inda aka yi yabo, ai ya riga ya canza maganar, ko da bai ƙara harafi ba. A Alƙur'ani da hadisi ni ma ban ce a cire lafazi a sa karin maganar Hausa a gurbinsa ba. A kawo lafazin, a buɗe hoton da ke cikinsa nan take. Shi ke nan abin da nake nema.

Amma in aka fita daga nassi, aka shiga huɗuba, ko labaran rediyo, ko littafin adabi, to a nan uzuri ya ƙare, domin Hausa ba matalauciya ba ce. Balarabe zai ce "balagas sailuz zuba." Kalma-kalma: ambaliya ta kai ramuka. Wane Bahaushe ne zai ji wannan gabansa ya faɗi? Rami ai shi ruwa ke fara cikawa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, zuba ramuka ne da ake haƙa wa zaki a kan tudu, inda ruwa ba ya saba zuwa. In ambaliya ta kai can, abu ya wuce iyaka. Mu kuma muna da tamu a ajiye: tura ta kai bango. Ba zaki, ba tudu, amma mai sauraro ya ji a ƙirjinsa abin da Balarabe ya ji.

Sai dai neman takwara ba wasa ba ne, kuma a nan ne masu gaggawa ke zamewa. Ku ɗauki "raja'a bi khuffai Hunain," ya dawo da huffin Hunainu. Yadda littattafan karin magana suka kawo shi, irin su Majma'ul Amsal na Maidani wanda ya rasu a 518 bayan Hijira, Hunainu baduku ne a garin Hira. Wani Balaraben ƙauye ya yi ta cinikin huffi da shi har ya ɓata masa rai, kuma bai saya ba. Hunainu ya riga shi kan hanya, ya yar da wari ɗaya, ya ƙara gaba ya yar da ɗayan, ya ɓuya. Mutumin ya ga na farko ya ce da da ɗan'uwansa da ya ɗauka. Da ya ga na biyu sai ya ɗaure raƙuminsa ya koma ɗauko na baya. Hunainu ya fito ya kore raƙumin da kayansa. Da aka tambayi Balaraben ƙauyen a gida me ya zo da shi daga tafiya, ya ce huffin Hunainu.

To da me za ka fassara wannan? Sai ka duba inda aka faɗe shi. In wakilai ne suka je tattaunawa ba su samo komai ba, "sun dawo hannu rabbana" ya wadatar, kuma Larabawan yau galibi haka suke nufi. In kuwa mutum ya tafi neman riba har uwar kuɗin ta salwanta, hannu rabbana ya yi kaɗan, don ya manta da raƙumin. A nan "ba tsuntsu ba tarko" ko "garin neman gira ya rasa ido" su ne daidai. Ni yadda nake gwadawa, in na zaɓi karin maganar Hausa sai in tambayi kaina: da tsohuwa ce ke ba da wannan labarin a tsakar gida, a daidai wannan gaɓar, ita za ta faɗa? In na ji ba za ta faɗa ba, to takwarar ba ta zauna ba, gara in ba da labarin Hunainu a jimla biyu.

Masu cewa sa karin maganar Hausa yana rage wa Larabci kwarjini, ku gaya mini wane kwarjini ya rage wa matar nan ta 9 jiya da aka yi wa mijinta dariya. Kuma ba ko'ina ake buƙatar canji ba. Balarabe na cewa "aslaja sadri," mu ma muna cewa ya sanyaya mini rai, don mu da su duk mutanen rana ne, sanyi a wurinmu daɗi ne. Irin wannan ka bar shi yadda yake.

Abin da ya ƙara damuna ma, a hanyar gida na tambayi ɗan ƙanena ko ya san amfanin toka, ya ce zubarwa ake yi. Kakarmu kuwa ba ta yarda a zubar mata da tokar kara. Tana tarawa a tsohuwar tukunya mai huji, ta zuba ruwa ya tsiyaye, da ruwan tokar nan take kaɗa miya in kanwa ta yanke. Har yau ban ƙara shan miyar kuka irin tata ba.