Jika arba'in, tambaya ashirin da biyar, amsa babu ko ɗaya

Waɗanda suka ga hoton da na sa jiya da dare sun san abin da ya hana ni barci. Shafin intanet na shagon kawuna ne, baduku a unguwar Birni ta Zinder, mutumin da ya haura shekara talatin yana ɗinkin fata. Ya cire jika arba'in, wato sefa dubu arba'in, ya ba wani yaro don ya gyara masa shafi yadda Google zai riƙa ɗauko shi ya sa a akwatin amsa, wannan da ke fitowa a sama kafin sauran sakamako. Yaron ya jera masa tambayoyi ashirin da biyar a matsayin kanun rubutu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda aka amsa a ƙarƙashinta. Wannan cuta ce, kuma ba zan saya mata wani suna ba.

Ga ɗaya. Kan ya ce: "Jika ɗaya sefa nawa ce?" Tambaya mai kyau ƙwarai, don rabin masu sayen kayan Kawu daga Kano da Katsina suke, kuma lissafinmu na dala da jika yana rikita su. To me ke ƙarƙashin kan? "Barka da zuwa shagonmu mai albarka." Sai tarihin sana'ar dukanci a Damagaram, sai yabon fadar Sarki, sai a sakin layi na huɗu aka ce mai son ƙarin bayani ya kira lamba kaza. Mutum ya tambaye ka kuɗi, ka ɗauko masa tarihin Sarki Tanimu!

Na ce, "Kawu, in baƙo ya tsaya bakin shago ya ce jika nawa ce, me kake ce masa?" Ya ce, "Sefa dubu mana, ɗana." Na ce, to abin da ya kamata a rubuta ke nan tun jimlar farko. Ya yi shiru, ya ci gaba da goga fatar da ke cinyarsa.

Tun 2014 Google ke fitar da wannan akwati, kuma ba mai shafi ne ke sa kansa ciki ba. Babu maɓallin dannawa, babu kuɗin da ake biya. Injin ne ke yanko ɗan guntun rubutu daga shafi ya nuna shi shi kaɗai, ba tare da abin da ke sama ko ƙasa da shi ba. Saboda haka dole guntun ya tsaya da ƙafarsa. Ga yadda na sake rubuta na Kawu:

```html
<h2>Jika ɗaya sefa nawa ce?</h2>
<p>Jika ɗaya sefa 1,000 ce, wato dala 200, domin dala
ɗaya sefa 5 ce. In aka ce maka kaya jika goma sha biyu,
sefa 12,000 ake nufi. In aka ce dala ɗari, sefa 500 ce.</p>
```

Ku duba jimlar farko. Ta maimaita kalmomin tambayar, ta ba da adadi, ta faɗi dalili. Ba ta fara da "ita" ko "wannan" ba, don in an yanke ta aka kai ta wani wuri, mai karatu ba zai san wace "ita" ake nufi ba. Masu wannan aiki sun daɗe da lura cewa sakin layin da ke shiga akwati yakan kama kalma arba'in zuwa sittin. Ba doka ba ce da Google ya kafa, girman wurin ne kawai. Wanda ya cinye kalma arba'in ɗinsa a gaisuwa, da me zai amsa? Amsa tukuna. Tarihin dukawa ya biyo baya, ba wanda ya hana, ni ma ina son karanta shi.

Wani ya rubuto mini cewa gaisuwa al'adarmu ce. Malam, gaisa a saman shafi sau ɗaya, ba sau ashirin da biyar ba. Wani kuma ya ce in ka ba da amsa duka, mutum zai karanta a Google ya wuce, ba zai shigo shafinka ba. Gaskiya ne, wasu za su wuce. Sai me? In ka ɓoye amsar, injin zai ɗauko ta wani shafin, a ga sunan wancan, kai ba a gan ka ba sam. Kuma wanda ke neman sanin jika yana shirin sayen wani abu ne da sefa. Gara ya ga sunan shagon Kawu a ƙarƙashin amsar da ta fisshe shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, rabin kanun ma ba kanu ba ne. Yaron ya ƙara wa rubutu kauri ne kawai, ido ya ga kamar kai, amma a cikin shafin babu `h2` ko `h3`, alamomin da ke gaya wa injin cewa wannan kai ne. Biyar daga cikinsu kuwa a cikin hoto aka rubuta su. Sannan ya caji ƙarin kuɗi don sa alamar `FAQPage`, wadda ke gaya wa Google cewa shafin jerin tambayoyi da amsoshi ne, wai ita ce sirrin. A watan Agusta na 2023 Google ya taƙaita nuna irin wannan jerin tambayoyi ga sanannun shafukan gwamnati da na lafiya, kuma dama can ba ita ke sa shafi a akwatin amsa ba. An sayar wa dattijo tulun da ba ya riƙe ruwa.

Kada kuma wani ya ce na yi masa alkawari. Gyaran da na yi ba ya nufin gobe Kawu ya hau sama. Yawanci daga shafukan da suka riga suka shiga sakamakon farko ake yanko amsa, don haka in shafinka yana can baya, kai mai kyau ba zai tsallako da shi ba. Ba kowace tambaya ke da akwati ba ma. Kafin ka rubuta kai, ɗauki salularka ka buga tambayar yadda mutane ke buga ta, da Hausa da Faransanci, ka ga ko akwatin na fitowa, ka leƙa jerin "Autres questions posées", wato sauran tambayoyin da Google ke jerawa a ƙasa, ka ga abin da ake tambaya da gaske. Ni a nawa binciken, ya fi fitowa da Faransanci nesa ba kusa ba. Da yaron ya yi haka, da bai rubuta "Me ya sa shagonmu ya fi kowane?" ba. Wa ya taɓa buga wannan tun da aka kawo intanet Zinder?

Daga ashirin da biyar na bar shida, waɗanda baƙi ke yi wa Kawu kullum: kuɗi, kwana nawa ake ɗinka jaka, yadda ake aika kaya Kano. Kowace na karanta masa kan da jimla biyu na farko, na rufe sauran da hannuna. In ya ce "sai me kuma?", na san ban amsa ba, in koma in gyara. Sau uku ya mayar da ni a kan ta aika kaya, don na manta ban faɗi wanda ke biyan kuɗin mota ba.

Af, tunda muna kan shafin nan: don Allah masu ɗaukar hoton kayan fata, ku daina ɗauka cikin shago da magariba. Jan fatarmu yana komawa baƙi, aikin zaren duk ya ɓace, ga hoton da nauyi yana cinye wa mutum megas kafin ya buɗe. Ranar Alhamis da hantsi, kafin Kawu ya wuce Kasuwar Dole, zan fito da jakunkunan ƙofar shago in sake ɗaukar su. Mai farin zane babba da zai ara mini, ya yi mini magana.