Albishir ɗin da na yi wa manajojin kasuwa

Kamfaninmu ɗan ƙarami ne a Kano, manhajar lissafin kaya muke yi wa 'yan kasuwa: me ya shigo sito, me ya fita, nawa ya rage. Ni ba na rubuta manhaja. Aikina shi ne duk sanda injiniyanmu ya ƙara wani sabon abu, ni zan rubuta 'yan layukan da za a tura wa manajojin shaguna su san an yi ƙari. A takarda sunan aikin nawa mai tsawo ne, amma a ofis "mai Hausa" ake ce mini.

To wannan karon injiniya ya ƙera abu mai kyau, tsakani da Allah. Idan wani kaya ya ragu ya kai wani adadi, wayar manaja za ta yi ƙara ta gaya masa. Ga yadda ya turo mini bayanin:

```
v2.4: configurable low-stock threshold per item + push alert
```

Na je na tsaya a kansa na ce, Malam, wannan me zan ce wa mutumin kasuwar Singa? Bai ko cire abin kunnensa ba ya ce ai a bayyane yake. Oga kuwa, da ma ya dawo daga wani taron bita ke nan, kansa cike da sabon ilimi, ya ce kada in kuskura in bayyana abin da manhaja ke yi. "Manaja ba ruwansa da abin da muka ƙera. Gaya masa abin da zai samu." Maganarsa gaskiya ce. Manajan da ke tsaye bakin sito, 'yan dako na jiran sallama, direba na danna hon, Alhaji na kira a ɗaya wayar, ba zai karanta kalmar da ba ta taɓa aljihunsa ba. Layin farko kawai yake gani, shi ma da gefen ido.

Na zauna na rubuta abu mai hankali. Na fara da amfanin, wato za ka sani kafin kaya su ƙare, na biyo da inda za a shiga a sa adadi, na rufe da cewa sai yaran shago sun shigar da ciniki lissafin zai yi daidai. Duka-duka harafi 190 ne. Na karanta na ji daɗin kaina, na miƙa a tura ta saƙon tes, don yawancin manajojinmu ba kullum suke buɗe data ba.

Nan Hajiya akanta ta shigo maganar. Ta juyo mini da allon kwamfutarta ta ce, "Ɗan nan, saƙo ɗaya ka rubuta ko uku?" Ashe saƙon tes harafi 160 yake ɗauka idan duk haruffan na cikin jerin da tsarin waya ya tanada tun farko ne. Da zarar harafi ɗaya mai lanƙwasa ya shiga, ƙ ko ɗ ko ɓ, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari da ke ɗaukar 70 kacal. In kuma ya wuce haka aka yanka shi gida-gida, kowane gida 67 ne. Harafi 190 ɗina ya zama saƙo uku ga kowane mutum, kuɗi ninki uku. Alamar naira ma haka take yi, ta ce, ta taɓa gani a wata sanarwar farashi. Hajiya mace ce mai haƙuri da komai ban da lissafin da ya ninka kansa.

Na ce a cire lanƙwasar mana. Ta ce ko an cire saƙo biyu ne. Ni kuma, abin da ɗan taurin kai, na ce ba zan rubuta Hausa ba lanƙwasa ba, malaminmu na sakandare yana raye. Oga ya leƙo daga ofishinsa ya yanke hukunci: saƙo ɗaya, kuma ya zama mai zafi.

Sai na shiga datsa. Maganar shigar da ciniki ta fara tafiya, don ba ta da daɗin ji. Maganar inda za a sa adadi ta bi ta, don na ce ai wanda ya buɗe manhaja zai gani. Abin da ya rage harafi 51:

"Albishir! Daga yau kayanka ba za su sake ƙarewa ba."

Oga ya tafa. Hajiya ta danna. Ni kuwa na sayi tsire a hanyar gida.

Akwai wani abu da layin injiniya bai faɗa ba. Kafin mutum ya sa nasa adadin, manhajar ta riga ta sa wa kowane kaya 10. Kowane kaya, daga allura har injin niƙa.

Wanda ya fara kira mai sayar da janareta ne a Sabon Gari, tun ban gama shan koko ba. Shi bai taɓa ajiye janareta goma iri ɗaya ba a rayuwarsa, uku ne, huɗu ne, wani ma ɗaya. Don haka a ganin manhaja duk shagonsa ya kusa ƙarewa, kuma ta gaya masa hakan kaya bayan kaya, kowanne da ƙararsa, tun bayan sallar asuba. Ya ce matarsa ta ɗauki wayar ta duba wace ce wannan mai naci. Ya ce in zo in yi mata bayani da bakina. Na ba shi haƙuri, na nuna masa inda zai rage adadin zuwa 1 ko 2, ya ce to me ya hana ku faɗa? Na ce layin waya ba kyau, ban ji ba.

Wannan mai sauƙi ne. Babbar ta zo bayan 'yan kwanaki, daga Singa. Manajan wani babban dila na kayan masarufi ya kira ya ce Alhaji na son ganin "wanda ya rubuta". Oga ya tuna yana da taro. Injiniya ya ce shi lambobi ya rubuta, ba alkawari ba. Na hau adaidaita.

Na same su a ɗan ofishin da ke bakin sito, fanka na juyawa tana kaɗa takardun rasit. Sito cike da taliya da man gyaɗa da shinkafa, sai wani fili fetal a kusurwa, an share shi tas, wurin sukari. Alhaji na zaune da carbi, manaja na tsaye yana riƙe da waya, saƙona a buɗe, ya tanade shi shaida.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, har ya sa aka kawo mini ruwan leda, abin da ya ƙara tsorata ni.

"Samari, kai ne mai albishir?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Karanta mini."

Na karanta. A bakina ma sai na ji abin ya yi kama da tallar mai maganin gargajiya a tasha. Alhaji ya nuna kusurwar da carbinsa. "To ga shi bai ƙare ba."

Manaja ya karɓe zancen da sauri, don shi wuyansa ne a kan wuƙa. Da can kullum da yamma yakan shiga sito ya ƙirga sukari da idonsa. Da ya ga saƙo ya ce to an hutar da shi, waya za ta faɗa. Waya kuwa ta faɗa, amma sai da ya rage buhu 10. Su kuma a rana sukan sayar da kamar buhu 40. Buhu goma ba ya kai su azahar. Daga ranar da suka yi oda zuwa ranar da mota za ta sauke kwana 3 ne. Kwana uku ke nan kwastomomin Alhaji na tsallakawa layin gaba, kuma wanda ya je sayen sukari a can ba ya dawowa nan sayen taliya.

Na roƙi biro. A bayan wani rasit na yi musu lissafin da ya kamata a ce an yi tun farko: abin da ake sayarwa a rana sau kwanakin da mota ke ɗauka, 40 sau 3, ya zama 120. A ƙara na ko-ta-kwana saboda mota kan lalace a hanya ko ciniki ya tashi, a ce 30. Adadin sukari 150 ke nan, ba 10 ba. Alhaji ya duba ya ce gab da azumi a ninka. Na ce haka ne, ranka ya daɗe, sai dai da hannu za a canza, manhajar ba ta san watan Sha'aban ba. Muka bi manyan kayan ɗaya-ɗaya, manaja na faɗar ciniki ina bugawa.

Muna cikin haka sai lissafin man gyaɗa ya ƙi. Manhaja ta ce jarka 60, ido ya ce 22. Aka kira yaron shago. Ya zo yana sosa ƙeya, ya zaro wani littafi daga aljihun baya. Idan kasuwa ta cika, a nan yake rubutawa, da niyyar zai shigar da daddare. Daren bai zo ba tun makon jiya. Manhaja ba ta ganin sito, abin da aka gaya mata kawai take ragewa, kuma wannan shi ne layin da na fara datsewa saboda ba shi da daɗin ji. Alhaji ya dubi yaron, ya dubi manaja, ya dube ni, da alama yana auna wanda zai fara da shi. Allah ya taimake ni aka kira la'asar.

A hanyar masallaci manaja ya ce mini, cikin raɗa, su a kasuwa "kaya ya yanke" suke cewa. Na riƙe, don babu lanƙwasa a ciki. Da na koma ofis na rubuta sabo, na bi shi harafi-harafi ina korar duk kalmar da za ta fusata Hajiya:

"Waya za ta sanar da kai kafin kaya su yanke. Shiga Kaya > Iyaka, sa adadin da kake so ga kowane kaya. Sai an shigar da ciniki take aiki."

Saƙo ɗaya ne, bai kai 160 ba. Amfanin na gaba, abin da mutum zai danna na tsakiya, sharaɗin na ƙarshe. Oga ya karanta ya yatsina fuska ya ce ba shi da zafi. Hajiya ta ce zafin da aka sha ya isa, ta danna. Injiniya ma ya cire goman nan, yanzu manhaja ba ta ƙara sai mutum ya sa adadinsa, ko da yake har yau yana cewa da an karanta kalmar farko ta bayaninsa da ba a kai haka ba.

Jiya ya turo sabon ƙari: manhaja za ta riƙa tura wa waɗanda ake bi bashi tunatarwa ranar da wa'adi ya cika. Oga ya tsaya a ƙofa, idonsa na ƙyalli, ya ce ya ma samo mini layin, in rubuta "Daga yau ba wanda zai sake cin kuɗinka." Na ce to, amma wannan karon lambar wayarsa za a sa a ƙasa.