Bashin sayen hannun jari ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo

Wani ɗan kasuwa a Garwa ya ce mini: «Alhaji, in na ci bashi na sayi hannun jari, farashi ya faɗi, ai sai in yi haƙuri har ya tashi, ko ba haka ba?»

Malam, haƙurin nan ba a hannunka yake ba, domin hannayen jarin su ne jinginar bashin. A ce ka kawo sefa 500,000, kamfanin dillanci ya ranta maka 500,000, ka sayi na 1,000,000, bisa sharaɗin cewa rabonka ba zai gaza kashi 30 cikin ɗari na darajar kayan ba. Idan darajar ta sauko zuwa 700,000, bashin yana nan daram, amma rabonka ya koma 200,000, alhali sharaɗin yana neman 210,000. Nan take saƙo zai shigo wayarka cewa ka cike giɓin, in kuwa ka kasa, dillali zai sayar da wani ɓangare a farashin ranar, wani lokaci ma ba tare da jiran amsarka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, irin wannan sayarwar dole tana ƙara karya farashi, sai irin wannan saƙon na cike giɓi ya faɗa kan wasu masu bashin, kamar yadda ya faru a kasuwar New York a 1929.