Ga wadda raino ya zaunar shekaru, yanzu take son komawa aiki

Abin da na fi gani yana karya gwiwar mata bayan sun yi shekara biyar ko bakwai suna raino shi ne inda suke fara kai takardunsu. Mace za ta ga banki ko kamfanin sadarwa ya fitar da sanarwar ɗaukar sababbin ma'aikata, ta cike, ta ji shiru, ta sake cike wani, daga nan ta yanke cewa zaman gida ya kashe mata kasuwa. Alhali irin wannan ɗauka an tsara ta ne don waɗanda suka gama hidimar ƙasa jiya-jiya, kuma yawanci a cikin sanarwar ma an rubuta iyakar shekaru, ashirin da wani abu. Mai shekara 34 da 'ya'ya uku ba ta cikin lissafinsu tun kafin a buɗe takardarta.

Ra'ayina, a matsayin wadda ta daɗe a harkar makaranta kuma take zama a teburin tantance malamai, shi ne mai dawowa ta nufi aikin da ake tambayar shaida da iyawa, ba shekarar kammala karatu ba. A Arewa, koyarwa da kiwon lafiya su ne kan gaba. Iyaye da yawa sun fi son mace a ajin ƙananan yara da makarantun 'yan mata, kuma a ɗakin awo da ɗakin haihuwa mata sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace. A waɗannan wurare, kasancewarki uwa ba abin ɓoyewa ba ne. Mai makaranta ya san wadda ta yi raino ba za ta ruɗe ba don yaro ɗan shekara huɗu ya yi fitsari a wando ko ya ƙi rabuwa da mahaifiyarsa a bakin ƙofa.

Mu ɗauki misalin mace mai NCE, ta koyar shekara biyu, ta yi aure, ta zauna shekara bakwai. Kafin ta buga CV ko guda, sai ta fito da takardunta ta jera: sakamakon sakandare, NCE, katin NIN, takardar haihuwa. Ta duba ko suna ɗaya ne a kansu. Mata da yawa sun yi NIN da sunan miji alhali takardun makaranta na ɗauke da sunan mahaifi, kuma wannan saɓanin yakan tsayar da mutum ranar tantancewa, bayan an riga an zaɓe shi. Gyaransa yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, don haka ba abin da za a bari sai an kira ki ba ne.

Sai rajista da TRCN, hukumar da ke ba malamai lasisi a Najeriya. In ba ta taɓa yi ba, akwai jarrabawar cancanta, kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Wadda ta daɗe ba ta riƙe linzamin kwamfuta ba, ta je shagon kwamfuta na unguwa ta saba hannu, domin mutum na iya sanin amsa lokaci ya ƙare masa yana neman inda zai danna. In kuma digiri gare ta a wani fanni da ba na koyarwa ba, PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ita ce hanyar, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tana yin ta a cibiyoyinta na jihohi a tsarin da bai hana mutum kula da gida ba. Ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ita ma haka: lasisin da ya ƙare sai an sabunta shi a hukumarsu, da kwas ɗin ƙarin ilimi da ake sharɗantawa, kafin asibitin kirki ya ba ta aiki.

Daga nan sai abin da na ɗauka ya fi komai nauyi, wato wanda zai tsaya mata. Shugaban makarantar da ta yi wa aiki shekara bakwai da suka wuce ƙila ya yi ritaya, ƙila ma ba zai tuna fuskarta ba. Maganin wannan shi ne ta nemi zango ɗaya a makarantar kusa da gida, ko Islamiyya mai ɓangaren boko, ko ta riƙe ajin wata malama da ta tafi hutun haihuwa. Zango ɗaya, da sharaɗi a bayyane cewa za a ba ta wasiƙar shaida a ƙarshe. Ban yarda da aikin sa-kai marar wa'adi ba, domin akwai masu makarantun da za su bar ki shekara kina koyarwa a kyauta suna cewa a ƙara haƙuri. Wannan zangon zai kuma sabunta mata hannu wajen rubuta shirin darasi, musamman da yake a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, abin da ta bari ba lallai shi za ta tarar ba.

A CV kuwa, kada ta bar ramin shekarun babu bayani, kada kuma ta ƙirƙiro aikin da ba ta yi ba. Layi ɗaya ya isa: daga shekara kaza zuwa kaza, renon yara. In a tsakanin ta koyar da yaran maƙwabta karatu da yamma, ko ta riƙe littafin adashin mata, ko ta shiga aikin rigakafin shan inna gida-gida, ta rubuta shi da shekararsa. Mu masu tantancewa tambayar da ke ranmu ba ta wuce biyu ba: za ta iya riƙe aji, kuma za ta zo kullum a kan lokaci? Ta farko za a gane ta a darasin gwaji na 'yan mintuna da ake sa mutum ya yi a gaban yara. Ta biyu ita za ta amsa da bakinta, ta ce ƙaramin yana wurin kakarsa har azahar, manyan suna makaranta, maigida ya amince. Wadda ta faɗi haka kafin a tambaye ta, ta cire wa mai ɗauka fargabar da ba zai furta ba. Lokacin kai takarda kuma Yuli da Agusta ne, kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu a Satumba.

Maganar albashi ce ke ɓata min rai. Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu masu zaman kansu da yawa a nan suke fakewa. A ce an yi mata tayin 40,000. Adaidaita sahu zuwa da dawowa 800 a rana, kwana 20, ya cinye 16,000. In za ta biya mai raino 10,000, saura 14,000 na wahalar wata guda. Shi ya sa nake cewa makarantar da za ta taka da ƙafa a 30,000, kuma aka yi wa 'ya'yanta ragin kuɗin makaranta, ta fi ta nesa mai 45,000. Ta nemi a rubuta ragin a takardar ɗauka, tare da ko ana biyan albashi a watan dogon hutu, domin wasu ba sa biya kuma ba za su faɗa ba sai Agusta ta zo. Ta ɗauki wannan aikin da niyyar shekara ɗaya ko biyu, lasisinta da wasiƙar shaidarta a hannu, tana sauraron ranar da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiharsu, ko babbar makaranta za ta buɗe ɗauka.