Yadda Turkanci ya mai da ni shaida a shari'ar tukunyar fure

A watannina na farko a birnin Konya na ƙasar Turkiyya, lokacin da nake koyon Turkanci, ina haya ne a gidan wata dattijuwa da kowa yake kira "teyze", wato inna. Wata safiya aka tarar da tukunyar furenta a farfashe a kan matakala, mai gadin gidan kuma ya raɗa mini cewa yaron bene na sama ne ya yi ɓarnar. Da ta tambaye ni, sai na gyara tsayuwa na ce mata "çocuk kırdı", wato yaron ne ya fasa, ina jin daɗin cewa na haɗa jimla ba tare da in'ina ba.

Matsalar ita ce Turkanci yana da ɗafa-ƙeya biyu na shuɗaɗɗen lokaci. Wanda ya ce "kırdı" ya ɗauki nauyin maganar, domin ya gani da idonsa ko yana da tabbaci, shi ya sa ake cewa "Cumhuriyet 1923'te kuruldu" game da kafa jamhuriyar Turkiyya a 1923, ko da mai maganar bai halarta ba. Wanda ya ce "kırmış" kuwa ya zare hannunsa, domin ji ya yi, ko sakamakon ya tarar ya yi hasashe, kusan aikin da "wai" da "ashe" suke yi mana, sai dai su Turkawa a jikin aikatau suke manna nasu, babu hanyar tsallakewa.

Dattijuwar ta riƙe hannun rigata ta ja ni har sama, ta gabatar da ni a matsayin ganau. Uwar yaron, da ludayi a hannu, ta dube ni ta ce "Gördün mü?", tana tambaya ko na gani. Na ce "Görmedim", ban gani ba, sai matan biyu suka manta da rigimarsu suka haɗu a kaina. Da muka sauko aka lura da sawun kyanwa a cikin ƙasar da ta zube, dattijuwar ta ce "Kedi kırmış", ashe kyanwa ce. Mai gadin, wanda tabbas "kırmış" ya faɗa mini tun farko, ya ci gaba da shararsa da gaskiyarsa.

Daga ranar na rungumi "mış" ina liƙa wa kowane aikatau, har ƙarshen wata ya zo ta tambaye ni ko na biya kuɗin haya. Na amsa da "ödemişim" maimakon "ödedim". Idan mutum ya yi amfani da wannan ɗafa-ƙeya a kan kansa, yana nufin abin ya faru ba da saninsa ba, kamar mai cewa "uyumuşum", ashe barci ya sace ni. Wato na shaida mata cewa wai na biya, labari ya iso ni. Ta cire tabarau, ta kira ni "oğlum", ɗana, cikin tausayi, sannan ta ce in je in kawo mata rasidin banki.