Ba Kullum Cire Babban Dila Ke Kara Riba Ba

"Me zai sa in bar wa dila kaso mai tsoka, alhali zan iya kai wa masu shago kayana da kaina?" Wannan magana ta yadu har ta fara damuna. Tana da kamshin gaskiya, domin kason dila daga ribar mai kaya yake fita.

Abin da ake mantawa shi ne kason nan kudin aiki ne. Babban dila yana sayen kaya da yawa lokaci guda, ya ajiye a sitonsa, ya raba wa 'yan sari da masu shaguna, ya ba da bashi, ya bi bashin. In ka cire shi, aikin bai tafi ba, kanka ya dawo.

A ce kana yin sabulu, dila yana karbar kashi 10 cikin 100. Wani gari mai nisa yana da shaguna 30, kowanne na daukar katan 2 a wata. Katan 60 ke nan, kason dila bai wuce kudin katan 6 ba. To, lissafa mai, direba, lodi, kwana a hanya, da motar da za ta dawo fanko. Dila kuwa yana hada sabulunka da kayan wasu a mota guda, kudin tafiyar ya rabu. Sannan ya san wanda ke biya da wanda ke kwana da bashi, abin da bako ba zai gane ba sai ya yi asara.

Sayarwa kai tsaye tana da amfani idan shagunan suna kusa da juna kuma suna sayen da yawa, ko kayan sabo ne da ke bukatar a yi masa talla, domin dan sari abin da aka tambaya kawai yake sayarwa.